Yadda Mai Hoto Zai Nemi Izini Kafin Ya Sauya Kamannin Mutum da Kafin Ya Yaɗa Hoton

Mai ɗaukar hoton biki yana bukatar izini iri biyu, kuma ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya. Na farko shi ne izinin taɓa kamannin mutum a cikin hoto, wato ƙara masa haske, rage masa jiki, goge masa tabo ko gyara masa haƙora. Na biyu shi ne izinin fitar da hoton zuwa idon waɗanda ba su ne suka ba da aikin ba. Amarya tana iya yarda a goge mata ƙurji amma ba ta yarda hotonta ya hau Instagram ba, tana kuma iya yarda a sa hoton amma da sharaɗin a bar mata launin fatarta yadda yake. Za mu bi aikin daga ranar da aka yi ciniki har zuwa ranar da wani ya ce a sauke hotonsa, da misalin bikin da aka ɗauki hotuna a wurin kamu da dina, domin a nan ne aka fi samun saɓani.

Tun a wurin ciniki, a san wane ne mai fuskar

Wanda ya biya kuɗin aiki sau da yawa ba shi ne a cikin hoton ba. Ango ne yake biya, ko yayar amarya, ko uwar biki, kuma shi ne yakan ce, "Malam, a gyara ta sosai, a haska ta." Wannan umarnin mai biyan kuɗi ne, ba izinin mai fuska ba ne. Saboda haka matakin farko shi ne mai hoto ya nemi hanyar da zai ji daga bakin amaryar kanta. A gidajen da ba a saba namiji baƙo ya riƙa magana da amarya kai tsaye ba, sai a bi ta hannun babbar ƙawa ko yaya, amma a roƙa amsar ta zo da muryar amaryar ko daga wayarta, don kada 'yar saƙo ta ƙara nata son zuciyar a hanya. Mai hoto mace ta fi samun sauƙi a nan, kuma situdiyon da yake da ma'aikaciya zai yi kyau ya bar mata wannan ɓangaren.

A wannan zaman ne kuma za a faɗi abin da aka saba yi wa kowane hoto ba tare da tambaya ba, kamar daidaita hasken ɗaki, miƙe hoton da ya karkace da yanke gefen da ba a bukata, a kuma faɗi cewa duk abin da ya wuce haka sai an tambaya. Idan mai hoto yana da niyyar tallata aikinsa da hotunan, a nan zai faɗa, kada ya bari sai an watse. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta shekarar 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da na gidansa ikon hana a buga hoton ko a nuna shi ga jama'a, sai dai idan akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Ke nan zancen da wasu masu hoto suke yi cewa "ni na ɗauka, nawa ne" bai isa ya ba su damar sa hoton amaryar mutane a shafinsu ba.

A raba gyara gida uku kafin a buɗe kwamfuta

Ba kowane gyara ne yake bukatar dogon zance ba, kuma wanda ya ce zai nemi izini a kan kowace ƙura da ta hau gilashin kyamara zai gajiyar da kansa da masu aikin. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kasa gyaran gida uku.

Kashi na farko gyaran hoto ne, bai shafi mutum ba: haske, inuwa, launin fitilar zaure da ta mayar da farar shadda ruwan ɗorawa, wayar lasifika da ta ratso ta bayan amarya. Wannan yana cikin aikin da aka biya.

Kashi na biyu shi ne abin da ya zo jiya kuma zai tafi gobe: ƙurjin da ya fito ranar biki, jan-baki da ya taɓa haƙori, gumi a goshi, hodar da ta taru a gefen hanci, zaren da ya zaro daga mayafi. Masu gyaran hoto suna da wani ma'auni da suke yawan amfani da shi, cewa abin da zai ɓace da kansa cikin mako biyu ana iya goge shi. Ma'auni ne mai amfani, amma ko a nan izini ɗaya na gaba ɗaya yana da kyau, a ce, "Idan na ga ƙurji ko gumi zan goge, kin yarda?" Tambaya ɗaya ta wadatar wa hotuna duka.

Kashi na uku shi ne wanda aka rubuta wannan bayani dominsa: abin da yake na mutum ne, da shi aka san shi. Launin fata yana ciki, haka ƙiba ko rama, faɗin hanci, wushirya, tawadar Allah, furfura, tabon sallah a goshin dattijo, tabon ƙuna ko na tiyata, da askar gado irin su bille da kalangu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kamata a taɓa sai mai shi ya ambace shi da bakinsa. Askar fuska tana nuna gidan da mutum ya fito, kuma mai gyaran da ya ɗauke ta a matsayin tabo ya shafe ta da Healing Brush, wato abin goge tabo na manhajar Photoshop, ya yanke hukunci a kan abin da ba a tambaye shi ba. Wushirya kuwa a wurin mutane da yawa ado ce, amma akwai manhajojin waya da suke toshe ta da kansu.

Maganar haske tana bukatar a tsaya a kanta, saboda a nan ne kashi na farko yake zamewa ya koma na uku ba tare da mai hoto ya lura ba. Idan zaure ya yi duhu, ƙara hasken hoton gaba ɗaya gyara ne na halas, domin fuska da tufafi da bango duk tare suke tashi. Amma idan aka shiga manhajar gyaran hoto ta Lightroom aka ɗaga Luminance, wato haske, na launin Orange, fatar mutum ce take yin haske fiye da komai, har baƙa ta koma wankan tarwaɗa alhali farin yadin da ke jikinta bai motsa ba. Yawancin saitin launi da ake saye ko ake karɓa a wurin abokan sana'a suna ɗauke da wannan a ciki, kuma da zarar an ɗora saitin a kan hotuna ɗari shida a lokaci guda, an sauya launin kowa da ke wurin bikin. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta fuska da wuya da kunne da bayan hannu, sannan a kwatanta hoton da mutumin da aka gani da ido. Haka nan kyamarar wasu wayoyi tana zuwa da saitin gyaran fuska a kunne, tana santsa fata tana siranta haɓa tun kafin a ajiye hoton, don haka mai ɗauka da waya ya duba ya kashe shi kafin ya fara aiki.

Yadda ake yin tambayar

Tambayar da ba ta da amfani ita ce, "In gyara miki?" Kowa zai ce to, domin babu wanda yake son hotonsa ya fito ba gyara, kuma babu wanda ya san abin da kalmar ta ƙunsa a zuciyar mai tambaya. Tambayar da ta fi wannan muni ita ce wadda take nuna wa mutum aibin da bai gani ba, kamar a ce wa amarya, "In rage miki hannun nan?" Daga wannan lokacin ta fara kallon hannunta, ko da ta ce a'a. A ganina bai kamata mai hoto ya fara kawo shawarar gyaran kashi na uku ba ko kaɗan. Abin da ya dace shi ne ya faɗi iyakar da ya tsaya, ya bar ƙofa a buɗe ga wadda ke cikin hoton ta nemi ƙari idan tana so.

A ɗauka an ɗauki hotuna 600 a kamu da dina, amarya ta zaɓi 40 da za a gyara don albam. Mai hoto zai ɗauki guda ɗaya wanda fuskarta ta fito sosai, ya yi masa gyaran kashi na farko da na biyu kawai, ya haɗa na asali da gyararren gefe da gefe, ya tura mata da saƙo irin wannan:

"Assalamu alaikum Amarya, ya gajiyar biki? Allah ya ba da zaman lafiya. Ga hoto mai lamba 412, na hagu yadda aka ɗauka, na dama bayan gyara. Na daidaita haske, na goge gumi da ƙurji ɗaya a haɓa. Ban taɓa launin fatarki ko siffar jikinki ba, kuma ba zan taɓa ba sai kin ce. Idan ya yi miki haka, zan bi sauran 39 da irin wannan. Idan akwai abin da kike so a ƙara ko a mayar yadda yake, ki faɗa mini, ba wani ƙarin wahala ba ne."

Saƙon ya ambaci lambar hoto, ya lissafa abin da aka yi, ya kuma sauƙaƙa mata cewa a'a. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a cikin mutanen da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici. Amarya tana iya amsawa da "ba komai" ko "duk yadda ka gani, Malam" alhali ba ta ji daɗin abin da ta gani ba, kawai dai ba ta son ta zama mai ƙorafi ga wanda ya wuni a tsaye yana yi mata aiki. Irin wannan amsa ba a gina aiki a kanta. Sai a mayar da tambayar ta zama zaɓi: "Wanne za a sa a albam, na hagu ko na dama?" Zaɓi tsakanin abu biyu ya fi sauƙin faɗa a kan kushe aikin mutum. Idan kuma ta karanta saƙon ba ta amsa ba, a jira, a tuna mata bayan kwana biyu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma ta kafa hukumar NDPC, ta faɗi a fili cewa shiru ko rashin yin komai ba yarda ba ne, kuma wanda yake riƙe da bayanan mutane shi ne zai kawo hujjar cewa an yarda masa. Hoton da ake gane mutum a cikinsa bayaninsa ne, mai situdiyo kuma sana'a yake yi da shi. Saboda haka a adana amsar, rubutacciya ce ko ta murya, a cikin jakar da aka ajiye hotunan bikin.

To, a ɗauka amsar ta zo kamar haka: "Na dama ya yi, amma don Allah a ɗan rage mini kumatu." Yanzu an samu izini, sai dai izini ne a kan kumatu, bai haɗa da hanci ko ƙugu ba. Kalmar "ɗan" kuma ba ta da ma'auni, don haka a yi gyaran da Liquify, wato abin matse ko faɗaɗa siffa na Photoshop, a mataki biyu, ƙarami da wanda ya ɗara shi, a tura mata ta zaɓa. Wanda ta zaɓa shi ne ma'aunin sauran hotunan, domin idan kumatun suka bambanta daga shafi zuwa shafi na albam, duk wanda ya buɗe zai gane. A riƙa yin kowane irin gyara a Layer nasa, wato shimfiɗa dabam a kan hoton, a ajiye fayil ɗin PSD mai riƙe da waɗannan shimfiɗu da kuma na asali, saboda idan ta sauya ra'ayi bayan mahaifiyarta ta gani, a iya kashe gyaran kumatun kaɗai ba sai an sake aikin daga farko ba.

Idan ango ya kira daga baya ya ce a ƙara mata haske, amsar ita ce, "Ranka ya daɗe, na nuna wa amarya ta zaɓi wannan. Idan kun yi shawara ta ce a ƙara, ta turo mini, yanzu zan yi." Ba a yi masa musu ba, ba a kuma yanke hukunci a kan fuskar wata ba da saninta ba. Haka za a yi idan amaryar ce ta ce a cire wa ango furfura ko a rage masa tumbi.

Hoton da ya haɗa mutane da yawa

Izinin amarya ya tsaya a kan amarya. A hoton da take tsaye da ƙawaye takwas cikin anko, babu wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya a gyaran kashi na farko a kansu. Akwai kuma matsalar da take tasowa daga aikin kansa. Liquify ba ya san inda jikin amarya ya ƙare, yana jan duk abin da ke kusa, sai a ga hannun ƙawar da ke gefenta ya kumbura, ko ƙofar da ke bayansu ta lanƙwashe, ko zanen atamfa ya murɗe. Idan an haska amarya ita kaɗai a tsakiyar ƙawayenta, su ne suke komawa kamar an dusashe su. Kafin a miƙa irin wannan hoto, a zuƙo shi a duba layukan da ya kamata su kasance a miƙe, a duba mutanen da ke dama da hagu. Sau da yawa abin da ya fi alheri shi ne a gaya wa amarya cewa gyaran siffa za a yi shi ne a hotunan da take ita kaɗai.

Cire mutum daga hoto gaba ɗaya, ko ɗauko kansa daga wani hoto a ɗora saboda ya rufe ido, shi ma sauya abin da ya faru ne. A albam na cikin gida ba kasafai yake jawo magana ba, amma idan hoton zai fita, wadda aka cire za ta gani.

Yara kuwa, dokar 2023 ta ce izinin wanda bai kai shekara 18 ba yana hannun iyaye ko mai riƙonsa. A fuskar yaro babu dalilin wuce goge majina da ƙura.

Izinin yaɗawa

Bayan an miƙa aiki an karɓa, sai a buɗe magana ta biyu, a saƙo dabam. Izinin yaɗawa yana bukatar amsar tambayoyi huɗu: wane hoto, a ina, yaushe, da wane rubutu a ƙarƙashinsa. "Zan iya sa hotunanku?" bai amsa ko ɗaya ba. Abin da ya amsa shi ne:

"Amarya, ina neman izinin sa hotuna uku, 412 da 430 da 455, a shafin situdiyo na Instagram don nuna aikina. Shafin a buɗe yake, kowa yana iya gani ya kuma kwafa. Ba zan rubuta sunanki ko unguwarku ba sai kin ce. Ki yi shawara da maigida. Idan ba ku so, babu damuwa, ba zai shafi komai ba."

Faɗin cewa kowa yana iya kwafa wajibi ne, saboda shafukan da suke tattara hotunan bukukuwa suna ɗauka su sake sawa, kuma daga nan hoton ya fita daga hannun mai hoto. Wadda ta yarda a sa ta a Status na WhatsApp, wanda yake sauka bayan awa 24 kuma waɗanda ke da lambar mai hoto ne suke gani, ba ta yarda a sa ta a allon talla a ƙofar shago ba. Wurin da aka ɗauki hoton ma abin dubawa ne. Kamu da sa lalle taron mata ne, a can mace takan ajiye mayafi ta yi rawa don ta san a cikin 'yan'uwanta take. Hoton da aka ɗauka a can, ko da ya fi kowanne kyau, yana iya zama wanda matar aure ba za ta so abokan mijinta su gani ba. Idan akwai wata a bayan amarya da ake gane fuskarta, ko dai a nemi izininta, ko a yanke ta, ko a zaɓi wani hoton. Ambaton maigida a saƙon ba ya nufin izininsa ya maye gurbin nata, ana dai gudun kada ta yarda yau, gobe abin ya zama rigima a gidanta.

Mai kwalliya da mai ɗinki da mai ado na zaure sukan nemi hotunan don nasu tallan. Izinin da aka ba mai hoto bai ratsa zuwa gare su ba, sai a tura su wurin amarya, idan ta amince sannan a ba su. A kuma sani cewa hoton da aka tura a matsayin Document yana tafiya da bayanan da ke cikinsa, har da wurin da aka ɗauka idan wayar ta adana, wanda yake iya zama gidan iyayen amarya. Lokacin tura samfuri don neman ra'ayi ana iya amfani da View once, sai dai ba ya hana a ɗauki fuskar wayar da wata wayar, kuma ba ya ba mai dubawa damar komawa ta sake kallo da natsuwa. Ƙaramin hoto mai tambarin situdiyo a kai ya fi dacewa da wannan.

Idan hoton da za a sa a talla an sauya masa siffar jiki, akwai hujjar a faɗa. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta sanarwa a kan hoton tallan da aka siranta ko aka ƙara wa mai tallar jiki. Ga mai situdiyo amfanin yana kusa: amaryar da za ta zo gobe ta san abin da kyamara ta yi da abin da kwamfuta ta yi. Amma wannan ma sai an tambayi wadda ke cikin hoton, domin wata ta yarda a rage mata kumatu ne a kan cewa babu wanda zai sani, kuma idan haka ne, sai a zaɓi hoton da ba a yi wa irin wannan gyara ba. Hoton "kafin da bayan" da masu gyara suke son sawa don nuna gwaninta yana bukatar izini na musamman, saboda yana fallasa daidai abin da aka biya kuɗi a ɓoye.

Idan aka janye izini

Dokar 2023 ta ba mutum damar janye yardarsa a duk lokacin da ya so. Aure yana iya mutuwa, mace tana iya fara sa niƙabi, ko kuma sharhin da mutane suke yi a ƙarƙashin hoton ya dame ta. Ba a tambayar dalili. A sauke hoton a ranar, a goge shi maimakon a tura shi Archive, wanda ɓoyewa kawai yake yi, a duba sauran wuraren da aka sa shi, har da albam ɗin samfuri da ke kan teburin shago. Idan a zauren WhatsApp aka tura bisa kuskure, Delete for everyone yana aiki ne cikin kusan kwana biyu kawai, kuma ba ya dawo da abin da wani ya riga ya tura gaba ko ya ɗauki hotonsa. Sannan a rubuta wa mai kwalliya da duk shafin da aka san ya kwafa a nemi su sauke, a kuma sanar da wadda ke cikin hoton wuraren da aka cire da waɗanda har yanzu ake jiran amsarsu, tare da sunayen shafukan, domin ita ma ta iya kai ƙorafi ta hanyar Report idan suka ƙi.